Tambayoyi da Amsoshi Kan Kurakuran Gina Tambaya a Turanci da Yadda Ake Gyara Su Cikin Ladabi

Waɗannan tambayoyi ne da malaman Turanci da masu taimaka wa wani a karatunsa suke yawan maimaitawa game da kalmomin *do*, *does* da *did*. An fara da tsarin ita kanta tambayar, sannan aka wuce zuwa hanyar gyara, domin wanda bai gane inda kuskure ya samo asali ba, da wuya ya gyara shi ba tare da ya dagula wa ɗalibi lissafi ba.

1. Wane aiki *do* take yi a cikin tambaya, alhali ba ta ba da ma'anar "yi"?

Turanci yana gina tambaya ne ta hanyar ɗauko mataimakin aikatau na farko a cikin jimla a kai shi gaban mai aikin. Jimlar *She can swim* tana da mataimaki, wato *can*, saboda haka tambayarta ita ce *Can she swim?* Haka nan *They have gone* takan koma *Have they gone?* Matsalar tana tasowa ne idan jimla ba ta da mataimaki ko ɗaya, kamar *She swims*, domin Turancin yau bai yarda a ɗauki aikatau na asali a kai shi gaba a ce *Swims she?* ba. A nan ne ake aro *do* ta cike gurbin. Ba ta ƙara wa jimlar wata ma'ana, amma ita ce take ɗaukar alamar lokaci da ta mai aiki, sai aikatau ya koma siffarsa ta asali: *Does she swim?*

Ɗalibin da aka fara koya wa cewa *do* tana nufin "yi" yakan rikice idan ya ga *What did you do?* A cikin wannan jimla, kalmar ƙarshe ce kawai take nufin "yi", *did* kuwa mataimakiya ce. Ba haka tsarin yake tun asali ba. Tsohon Turanci yana juya aikatau kai tsaye, kuma binciken da Alvar Ellegård ya wallafa a 1953 ya bi diddigin yadda *do* ta bazu a tambayoyi da korewa tsakanin wajen shekarar 1400 zuwa 1700. Harsuna kaɗan ne suke da irin wannan tsari, don haka babu mamaki masu koyo daga kusan kowane harshe su yi tuntuɓe a kansa.

2. Me ya sa ɗalibai suke cewa *Where you live?* ko *Why you didn't come?*

Domin a kunnensu tambaya ta riga ta cika da zarar an sa kalmar tambaya a farko. Mai jin Hausa yana cewa "Ina kake zaune?" ko "Don me ba ka zo ba?", ba tare da ya sauya wa kowace kalma wuri ba bayan kalmar tambayar. Tambayar da amsarta i ko a'a ce ma ta fi haka sauƙi, domin ɗaga murya ya isa ya mai da "Ka gama." ta koma "Ka gama?", wani lokaci a ƙara "shin" ko "ko". Idan ya ɗauki wannan ɗabi'a ya kai Turanci, sai a ji *You finished?* da *Where you live?*

Jimlolin biyu na kan tambayar nan ba ciwo ɗaya ke damunsu ba, kuma ya kamata malami ya rarrabe. A *Where you live?* babu mataimaki sam, sai an kawo shi: *Where do you live?* A *Why you didn't come?* kuwa mataimakin yana nan, wurinsa ne bai yi daidai ba: *Why didn't you come?*  Akwai wata gada mai amfani ga mai jin Hausa: shi ma ba ya cewa "Yaushe sun zo?", sai dai "Yaushe suka zo?" Idan aka nuna masa cewa harshensa ma yana taɓa kalmar da ke ɗauke da lokaci bayan kalmar tambaya, abin da Turanci ke nema daga gare shi yakan daina zama baƙo.

3. Daga ina *Did you went?* da *Does she likes?* suke fitowa?

Wannan kuskure ne na wanda ya san ƙa'idoji biyu kuma ya yi aiki da su a lokaci guda. Ya san cewa shuɗaɗɗen lokaci yana mai da *go* ya zama *went*, ya kuma san cewa tambaya tana buƙatar *did*. Abin da ya rage masa shi ne sanin cewa alamar lokaci sau ɗaya tak ake sa ta a jimla, kuma mataimaki ne yake ɗauke ta. Da zarar *did* ta shigo, *went* zai koma *go*, *saw* ya koma *see*. Da zarar *does* ta shigo, harafin *s* na ƙarshen *likes* ya riga ya ƙaura zuwa jikinta, sai a ce *Does she like it?*

Kwatanci da Hausa yana taimakawa sosai a nan. A "ya zauna", "zai zauna" da "yakan zauna", aikatau bai motsa ba, ƙaramar kalmar da ke gabansa ce ta ɗauki nauyin lokaci. To, a tambayar Turanci *do* tana yin aiki irin wannan. Malamai da yawa sukan rubuta *likes* a kan allo, su kewaye *s* ɗin, su ja kibiya daga gare shi zuwa *do*, kuma wannan zane ɗaya ya fi dogon bayani tasiri, domin ɗalibi yana ganin harafin yana tashi daga wani wuri yana komawa wani.

4. Yaushe ne ba a amfani da *do* ko kaɗan?

Duk lokacin da jimla take da nata mataimakin, ko kuma aikataunta ɗaya ne daga cikin *am, is, are, was, were*. Saboda haka *Do you can drive?* kuskure ne, daidai shi ne *Can you drive?*, haka kuma *Do you are tired?* ya kamata ya zama *Are you tired?* Akasin wannan shi ne *Are you agree?*, inda ɗalibi ya ɗauki *agree* a matsayin sifa alhali aikatau ne, don haka *Do you agree?* ake cewa. Gwajin da ba ya ba da kunya shi ne a mai da tambayar jimlar bayani a duba: ana cewa *You agree*, babu *are* a ciki, ke nan sai an aro *do*. Kalmar *have* kuwa fuska biyu gare ta. Idan tana nufin mallaka, *Do you have a pen?* da *Have you got a pen?* duk daidai ne, na biyun ya fi yawa a Turancin Birtaniya, kuma bai dace malami ya soke ɗayansu ba.

5. Me ya sa ake cewa *Who broke the cup?* ba tare da *did* ba, amma a ce *What did he break?*

Bambancin yana ga abin da ake tambaya. Idan mai aikin ake nema, kalmar tambayar ita ce take zaune a gurbinsa, jimlar kuma tana riƙe da tsarin bayani: *He broke the cup* ta zama *Who broke the cup?* Babu wani mai aiki dabam da mataimaki zai tsallake, don haka babu buƙatar *did*, kuma aikatau yana riƙe da alamar lokacinsa. Idan kuwa abin da aikin ya faɗa wa ake nema, mai aikin yana nan a jimlar, wato *he*, sai ƙa'idar amsa ta 1 ta yi aiki.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne *Who called you?* da *Who did you call?* Na farko yana nufin "Wa ya kira ka?", na biyu kuma "Wa ka kira?" Wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya juya labarin gaba ɗaya. A lura cewa *Who did break the cup?* ba haramtacciya ba ce, ana faɗar ta tare da ƙarfafa murya a kan *did* idan an musanta wani zargi, kamar a ce "To, wane ne ya fasa ɗin?" Amma a matsayin tambaya ta yau da kullum kuskure ce, kuma galibi daga bakin ɗalibin da ya fara ƙwarewa da *did* take fitowa, wanda ya shiga sa ta ko'ina.

6. Shin *Can you tell me where is the office?* daidai ce?

A daidaitaccen Turanci ba daidai ba ce. Tambayar da ke cikin jimlar ita ce *Can you tell me*, kuma an riga an yi juyin a can. Sashe na biyu tambaya ce da aka cusa cikin wata jimla, saboda haka tana komawa tsarin bayani: *Can you tell me where the office is?* Ita ma *do* ta aro takan fita, sai alamar lokaci ta koma jikin aikatau, shi ya sa *Where does he work?* take zama *I don't know where he works.* Wannan yana daga cikin kurakuran da suka fi daɗewa tare da mutum, har masu Turanci mai kyau sukan yi shi, domin ana neman su warware ɗabi'ar da suka sha wahala kafin su samu. Ba ya hana fahimta, don haka ba shi ne abin fara gyarawa ba.

7. Me ya sa *isn't it?* take manne wa ƙarshen kowace jimla?

Domin harsuna da yawa suna da kalma ɗaya ta neman tabbaci wadda ba ta sauyawa, kamar "ko?" da "ko ba haka ba?" a Hausa, sai mai koyo ya nemi makamanciyarta. A daidaitaccen Turanci wannan wutsiyar tambaya da ake liƙawa a ƙarshen jimla tana maimaita mataimakin jimlar ne, tare da juya tabbatarwa zuwa korewa ko akasin haka: *You can come, can't you?* Idan babu mataimaki, *do* ce take sake fitowa: *She left, didn't she?* Wanda bai zauna daram a kan amsoshi na 1 da na 3 ba, gyara masa wannan ɓata lokaci ne.

8. Na yi bayani sau da yawa amma kuskuren yana dawowa. Laifin wa ne?

Galibi ba laifin kowa ba ne. Manfred Pienemann da abokan aikinsa Malcolm Johnston da Geoff Brindley sun bayyana a 1988 cewa masu koyon Turanci suna bin matakai shida wajen gina tambaya, kuma jerin matakan ba ya cika sauyawa ko da harsunan uwa sun bambanta. Mutum yakan fara da kalma ɗaya ko jimlar hadda, sannan jimlar bayani da ɗaga murya, kamar *You like it?* A mataki na uku yakan liƙa kalmar tambaya ko *do* a farko ba tare da taɓa sauran jimlar ba, daga nan ne irin su *Where you live?* da *Do you can drive?* suke fitowa. A na huɗu juyi yakan fara, kamar *Where is he?* da *Can you come?*, a na biyar *do* takan zauna daidai bayan kalmar tambaya, a na shida kuma wutsiyar tambaya da tambayar cikin jimla sukan daidaita.

Amfanin sanin wannan ga malami shi ne zaɓen abin da zai gyara. Ɗalibin da yake mataki na uku zai iya amfana da gyaran da ke jan sa zuwa na huɗu da na biyar, amma bayani kan amsa ta 6 zai wuce ta kansa ne kawai. Sai dai a yi hattara da jimlolin hadda. Wanda ya ce *How do you spell it?* daidai ba lalle ne ya mallaki ƙa'idar ba, wataƙila ya haddace ta ne dunƙule. Ana gane haka idan aka sauya masa mai aiki ko lokaci, aka ga ya kasa cewa *How did she spell it?*

9. Ashe bai isa in maimaita masa jimlar daidai ba, ba tare da na ce ya yi kuskure ba?

Wannan ita ce hanya mafi taushi, kuma ita malamai suka fi bi. A binciken da Roy Lyster da Leila Ranta suka wallafa a 1997, wanda suka yi a azuzuwan firamare da ake koyarwa da Faransanci a Kanada, fiye da rabin gyaran da malamai suka yi irin wannan ne, amma shi ne ya fi ƙarancin sa ɗalibi ya mai da martani ga gyaran. Dalilin a bayyane yake idan aka dubi tambayoyi. Ɗalibi ya ce *Where you bought it?*, malami ya ce *Where did I buy it? In town.* Ɗalibin ya sami amsar da yake nema, ya kuma ɗauka malamin yana nanata tambayar ne kawai kafin ya amsa. Ƙaramar kalma mara nauyi a furuci irin *did* tana saurin ɓacewa a kunne.

Wannan hanya tana da wurinta, musamman a tsakiyar hira mai daɗi ko da mai jin kunya ƙwarai, amma sai an taƙaita maimaicin an kuma ɗan danna murya a kan kalmar da aka gyara. Idan ana son gyaran ya kama, hanyar amsa ta 10 ta fi.

10. To, wace hanya ce ta gyara cikin ladabi wadda kuma take aiki?

Ana farawa ne tun kafin a yi kuskuren. Malami ya sanar cewa a wannan zama tambayoyin shuɗaɗɗen lokaci kaɗai zai sa wa kunne, ya kuma yi yarjejeniya da ɗalibai kan wata alama, misali nuna babban yatsa baya ta kan kafaɗa don lokacin da ya wuce, ko gitta yatsu biyu don sauya wa kalmomi wuri. Idan kuskuren ya zo, ya bari mai magana ya kai ƙarshen jimlarsa, sannan ya fara amsa tambayar da aka yi masa, ko da a taƙaice, domin mai tambaya ya san an fahimce shi. Bayan haka ne zai yi alamar, ya yi shiru na daƙiƙa huɗu ko biyar. Shirun nan yakan yi wa malami tsawo fiye da yadda yake yi wa ɗalibi, kuma yawancinmu a nan muke gazawa, mu yi saurin furta amsar.

Idan alamar ba ta isa ba, sai a ƙara taimako kaɗan-kaɗan. A ƙirga kalmomin jimlar a kan yatsu a nuna yatsan da ke da giɓi, ko a faɗi farkon jimlar a tsaya daidai wurin kuskuren, ko a ba shi zaɓi biyu. Sai duk waɗannan sun gaza ne malami zai faɗi jimlar da kansa. Da zarar ta fito daidai, a sa ɗalibin ya yi wata sabuwar tambaya mai tsari iri ɗaya da wani aikatau, domin maimaita abin da aka ji yanzun nan ba ya tabbatar da komai. Yabo kuma ya tsaya a kan abin da ya yi daidai: "Ka sa *did* a wurinta" ya fi "Madalla" amfani, domin ya gaya masa abin da zai riƙe.

11. Ko za a iya nuna wannan a aikace?

A ɗauka wata ɗaliba ta tambayi malamarta: *Where you went yesterday?* Malamar ta amsa da *To the hospital, to see my sister*, sannan ta ce, "Tambayarki ta fito sarai, amma wata ƙaramar kalma ta maƙale a hanya." Ta ɗaga yatsu biyar, ta taɓa na farko tana cewa *where*, ta riƙe na biyu ba ta ce komai ba, ta wuce na uku tana cewa *you*. Ɗalibar ta yi jim, ta ce: *Where did you went yesterday?* A nan malamin da bai san matakan amsa ta 8 ba zai ga kamar an koma gidan jiya, alhali rabin aikin ya kammala, domin mataimakin ya shigo kuma ya zauna gaban mai aiki.

Malamar ta ce, "Kin kawo *did*, kuma wurinta ke nan. Yanzu kalmomi nawa ne suke nuna jiya a tsakanin *did* da *went*?" Ɗalibar ta ce, "Biyu, Malama." "Guda nawa ake bukata?" Sai ta yi dariya ta ce: *Where did you go yesterday?* Malamar ba ta tsaya nan ba, ta ce ta tambaye ta abin da ta saya a hanya, sai *What did you buy?* ta fito ba gargada. Daga nan ta gwada ta da abin da ke amsa ta 5, ta ce ta tambayi wanda ya raka ta. Ɗalibar ta ce *Who did go with you?* Malamar ta amsa mata kawai, ta rubuta jimlar a littafinta don wani zama, domin gyara biyu sun ishi rana ɗaya, na ukun kuma zai iya girgiza *did* ɗin da ba ta daɗe da zama ba.

12. Ta yaya zan bambance suɓutar baki da rashin sani, kuma yaya ake yi da rubutu?

Alamar amsa ta 10 ita ce ma'auni. Wanda ya gyara kansa nan take da ganin alama ya san ƙa'idar, atisaye yake buƙata, kamar wasan da ake ba da amsa a ce ya nemo tambayarta: a ce masa *At six o'clock*, shi kuma ya kawo *When did you wake up?* Wanda ya sauya wata kalma dabam wadda ba ta da laifi, ko ya tsaya yana kallon malami, bai san ƙa'idar ba tukuna, kuma ci gaba da yi masa alama matsin lamba ne kawai. Shi bayani yake buƙata, a wani lokaci na dabam. A rubutu, a ja layi ƙarƙashin wurin a sa ƙaramar alama a gefe, a bar masa gyaran. Idan kuskure ɗaya ya bayyana sau takwas a shafi, a nuna biyu na farko, a rubuta cewa akwai sauran shida irinsu ya nemo.

13. Idan mai kuskuren babba ne, ko abokin aiki wanda bai nemi gyara ba fa?

A nan izini ne kan gaba, kuma a keɓe ake neman sa. Mutum zai iya cewa, "Yallaɓai, akwai wani ɗan abu da na lura da shi a takardar nan, in ba damuwa in nuna?" ko kuma, "Yaya, kina so in riƙa ankarar da ke idan na ji wani abu a Turancin, ko in bari?" Idan ya amince, a tsaya kan abu ɗaya mai maimaituwa, a danganta shi da tsarin harshen maimakon da shi kansa, misali a ce Turanci ba ya son alamar lokaci sau biyu. Alamun yatsu da tambayoyin jan hankali na aji ba su dace da babba a gaban mutane ba, gara a rubuta masa jimlolin biyu ɗaya a kan ɗaya ya kwatanta da kansa. Idan kuwa ana tsakiyar taro ne kuma kowa ya fahimci *How much it costs?* ɗinsa, sai a ba shi amsar tambayarsa, a ajiye *How much does it cost?* zuwa lokacin da za a duba wasiƙar da zai aika.